Asabar: gyaran hoton iyayena da ya koɗe

Yau na wuni a kan hoton iyayena mai launi da aka wanke a 1978, wanda tsawon zama a cikin akwati ya sa ya koɗe ya koma jaja-jaja, ga kuma karcewa da ta ratsa daga kafaɗar mahaifina zuwa goshin mahaifiyata. Da safe na yi masa sikanin a ɗigo 600 cikin kowane inci, na adana shi a tsarin fayil na TIFF mai bit 16, sannan na buɗe kwafinsa a GIMP, manhajar gyaran hoto, na bar na asali yadda yake.

Na fara da launi, domin ƙananan tabo ba sa bayyana sosai sai hasken hoto ya daidaita. Takardar irin wannan hoton tana ɗauke da rini uku, kuma ba tare suke koɗewa ba. A nawa, rinin shuɗi mai ratsin kore ne ya fi lalacewa, kuma da yake shi ne ke tare jan haske, sai ja ya mamaye ko'ina, har inuwar da ya kamata ta zama baƙa. Na ga shaidar hakan a Colors > Levels: da na zaɓi Red, sai na tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na jadawalin da ke nuna yadda ja ya rarrabu daga duhu zuwa haske, ta ɓangaren duhu, babu komai a cikinsa. Na jawo baƙar alamar da ke ƙasan jadawalin zuwa inda jadawalin ya fara tashi, na yi wa Green da Blue haka, ko da yake giɓinsu kaɗan ne. Nan take farar rigar mahaifina ta koma fara, da ita kuma na auna sauran gyaran. A nan ne amfanin bit 16 ya fito, domin bit 8 matakai 256 kawai yake da su a kowane launi, kuma idan aka miƙe ragowarsu da yawa, sai a ga launi ya yi hawa-hawa a kumatu da bango.

Bayan la'asar na koma kan karcewar, a kan shimfiɗar da na kwafa da Duplicate Layer. Heal, kayan aikin da ke rufe tabo yana saje shi da kewayensa, ya yi kyau a kan tufafi da bango: ana danna Ctrl a zaɓi wuri mai lafiya kusa da tabon, sannan a bi shi da buroshin da bai fi tabon faɗi sosai ba. Amma a bakin kafaɗa, inda fari ya haɗu da duhu, yakan cakuɗa su ya bar dabbare, don haka na yi amfani da Clone, wanda ke kwafo wuri yadda yake ba tare da cakuɗawa ba, a wurin.

Karcewar ta cinye ƙarshen girar mahaifiyata ta hagu. Da zan kwafo ta dama in juya ta, da ta zauna daidai, amma na san girarta biyu ba iri ɗaya ba ne, kuma ba na son in ba ta fuskar da ba tata ba. Na cike fatar da ke kewaye kawai, na bar ɗan giɓin. Gobe zan tambayi yayata ko tana da wani hoton na shekarar da zan duba.