Shari'a ɗaya, gwaji iri uku

Sau uku na haɗu da shari'ar Hyde da Wrench ta 1840 lokacin da nake karatun lauya, kuma kowane karo abin da aka nema a wurina daban ne. Labarinta gajere ne. Wrench ya ce zai sayar da gonarsa fam 1,000, Hyde ya taya 950, Wrench ya ƙi. Da Hyde ya dawo ya ce ya yarda da dubun, kotu ta ce sabon tayin da ya yi ya riga ya kashe na farko, don haka babu ciniki.

A rubutacciyar jarrabawa na fara shan ƙasa. An ba mu ƙagaggen labarin ciniki mai kama da wannan, ni kuwa na cika shafi biyu da tarihin shari'ar, don na haddace ta tsaf. Makin da na samu bai taka kara ya karya ba. Ashe mai gyara abu huɗu yake nema: gano inda rigimar take, kawo ƙa'idar da hujjarta, ɗora ta a kan mutanen da ke cikin tambayar, sannan ka yanke matsaya. Na ukun ne ke ɗauke da mafi yawan maki, shi kuma na tsallake. Daga nan na koma amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gabana, ina raba lokaci daidai da makin kowace tambaya.

Ta baki ta fi tsorata ni, kuma ita ta fi koya min. Ina gama zayyana ƙa'idar, malamin ya ɗago kai.

"To, da Hyde tambaya kawai ya yi, ko za a bar shi ya biya kaɗan-kaɗan fa?"

"Duk ɗaya ne, Malam," na ce da sauri.

Ba ɗaya ba ne. A shari'ar Stevenson da McLean ta 1880, kan cinikin ƙarfe, kotu ta ce neman ƙarin bayani ba ya kashe tayi. Na karanta ta, amma ban taɓa ajiye su biyun gefe da gefe ba. Mai tambayar baki yakan sauya abu ɗaya a labarin ya ga ko za ka lura, don haka shirinta sai da abokin karatu da zai riƙa juya maka labari, kana amsawa da murya. Ɗan shiru kafin amsa ba laifi ba ne. Ni gaggawa ce ta kayar da ni.

A aikin gida kuwa, tunda littattafai na gabanka, hadda ba ta da wani tasiri. Ana so ka karanta ainihin hukuncin maimakon taƙaitawar wani, ka bincika ko wata kotu ta sauya shi daga baya, ka faɗi ra'ayinka da hujja. Kowace jimla da na aro, nan take nake rubuta mai ita da lambar shafi, domin mantuwa a nan satar fasaha ake kiranta, ko da ba da gangan ba ne.