Takardar sallama ita ce komai, sai daga baya na gane

Ranar da aka ce za a rufe sashenmu mu duka hankalinmu yana kan kuɗin sallama, ba wanda ya tsaya duba abin da za a rubuta a takarda. Ashe nan maganar take. Inshorar rashin aiki, wato kuɗin da hukuma ke biyan mutum na ɗan lokaci yana neman wani aikin, ta wanda ya rasa aiki ce ba da laifinsa ba, to abu na farko da ofishin biyan zai duba, wa ya kawo ƙarshen aikin, kai ko kamfani?

Wani abokin aikina aka ba shi yarjejeniya wai ya sa hannu ya tafi da yardarsa a ɗan ƙara masa wani abu, ya sa. Ni na ƙi, gaskiya ba wayo ba ne, tsoro ne, na jira wasiƙar da ta ce an rage ma'aikata. Shi sai da ya sha tambayoyi don a takarda kamar shi ya ajiye aiki. A Jamus misali irin wannan sa hannun in ba ka da ƙwaƙƙwaran dalili yana iya ja maka sati 12 ba biya, kuma a yanke kashi ɗaya cikin huɗu na wa'adin da za a biya ka, mai wata 12 ya koma 9. To ka lissafa, ƙarin da aka ba ka ya kai biyan wata uku?

Nawa kuskuren daban. Na zauna sati biyu ina jinyar zuciya kafin na yi rajista a ofishin, a zatona lissafi daga ranar sallama yake. Ina! Yawanci daga ranar da ka kai kanka ake fara ƙirga, sannan kwanakin jira da ba a biya su biyo baya, a Birtaniya kwana 7 ne, jihohi da yawa a Amurka sati ɗaya. Sati biyun nan haka na ci da kaina daga aljihuna.

Tsawon biyan ya danganta da ƙasa, wani wuri da daɗewar da ka yi ana cire maka gudummawa daga albashi. Jamus sai ka biya na wata 12 cikin wata 30 na ƙarshe kafin ma ka cancanta, kuma wata 6 kawai hakan zai ba ka. Yawancin jihohin Amurka sati 26 ne iyaka.

Karɓar kuɗin ma aiki ce wallahi. Littafi na buɗe ina rubuta inda na nema, ranar, da amsar da aka ban, don jami'in ba ya jin "ina ta nema" sai ya gani a rubuce. Ka ƙi zuwa ganawa ko ka ƙi aikin da ya dace da kai, a dakatar da kai. Ɗan aikin yini biyu da na samu ma sai da na faɗa, aka rage min na satin, raina bai so ba amma in suka gano da kansu mayarwa za ka yi har da hukunci. Ko tafiya zan yi sai na fara kira na tambaya.