A Fara Kwafe Faifan DVD Kafin a Taɓa Karcensa

Wani kuskure da ke salwantar da faifan DVD shi ne gaggawar gurza shi da man goge baki don gusar da karce. Aikin ceto bayanai ya koya mana cewa gurza ita ce mataki na ƙarshe, domin abin da aka kankare ba ya dawowa.

Faifan DVD roba biyu ce aka manne, kowace kaurinta milimita 0.6, bayanan suna tsakiya. Shi ya sa yawancin karce bai kai ga bayanan ba, hasken leza kawai yake karkatarwa. Karcen da ya taso daga tsakiya zuwa baki da sauƙi. Wanda ya bi da'ira shi ne mugu, saboda yana rufe dogon layin bayanai a jere har na'ura ta kasa cike giɓin. Don haka ko wajen wanki ba a goge faifai a zagaye. A fara zuba masa ruwa ƙura ta sauka, a sa ɗigon sabulun wanke-wanke, a ɗauraye, sannan a share da ƙyallen goge tabarau daga rami zuwa baki. Fetur da maganin cire jan farce suna cinye robar, kada a kusance su.

Idan kuma faifan fes yake amma ya ƙi karantuwa, a ɗaga shi a haske. Dabbare-dabbare ko dusashewar launi, musamman ta baki-baki, na nufin rinin da ke riƙe bayanai a DVD-R, wato faifan da ake ɗora wa bayanai da kwamfuta, ya lalace da zafi ko rana. Wannan wanki ba ya maganinsa.

A ce faifan biki ne mai gigabait 4.7, yana tsayawa kusa da ƙarshe. Kwafi na yau da kullum zai yanke da zarar ya ci karo da wurin da ya lalace. A Linux, manhajar ceto bayanai ta ddrescue tsallake wurin take yi, da waɗannan layukan umarni biyu:

```
ddrescue -b2048 -n /dev/sr0 biki.iso biki.map
ddrescue -b2048 -d -r3 /dev/sr0 biki.iso biki.map
```

Layin farko yana kwashe duk abin da ke karantuwa cikin sauƙi. Na biyu yana komawa kan wuraren da suka ƙi, har sau uku. Fayil ɗin biki.map shi ke riƙe lissafin inda aka samu da inda ya rage, kada a goge shi. Da shi da biki.iso za a kai faifan wata na'urar a ci gaba daga inda aka tsaya, kuma sau da yawa abin da ya gagari wannan na'ura waccan tana karanta shi.

Sai bayan nan ake gwada gurza, a sake kunna layi na biyu. Kafin a yi, a duba abin da ya rage. Megabait ɗaya a bidiyon awa biyu bai kai daƙiƙa biyu ba, hoton zai ɗan karkarye ya wuce. Amma in fayil ɗin zip ne, wannan giɓin ya isa ya ɓata abin da ke ciki.