Kalma Ɗaya Ta Sa Na Yi Wata Biyar Ina Koyarwa A Faɗuwa

«Hajiya, ki ba da duk abin da ya sauwaƙa.» Abin da na ce ke nan, a watan Maris na 2023, ranar da wata mata da ke Gwarimfa a Abuja ta kira ni ta tambayi nawa zan karɓa in riƙa koya wa ɗanta lissafi ta bidiyo. Har yau idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi a nan Jos. Matar yayana ce ta haɗa mu, ƙawarta ce tun suna 'yan mata, don haka da ta zo kan maganar kuɗi sai kunya ta rufe ni. Ta yaya zan yi ciniki da ƙawar matar yaya kamar muna kasuwa? Ta ce to za ta riƙa ba ni naira 30,000 a wata, zama uku a mako. Na yi lissafi a kaina da sauri, zama goma sha biyu ko sha uku, kusan 2,500 kowane zama, ina zaune a ɗakina ba kuɗin mota. Na yi godiya har da addu'a.

Harkar na'ura ba ta ba ni wahala sosai ba. Da farko da Zoom muka fara, sai na ga na kyauta yana yankewa a minti 40, daidai lokacin da yaro ya fara kama zaren, sai muka koma Google Meet, wanda idan ku biyu ne kawai ba ya katse ku a tsakiyar darasi. Allo kuwa, tara littattafai nake yi a kan tebur, in ɗora waya a bakinsu kyamararta na kallon farar takarda, in shiga da ita a matsayin mutum na biyu. Yaro yana ganin fuskata a kwamfuta, yana ganin hannuna yana rubutu ta waya. Sai dai ka kashe makirfon wayar da sautinta, in ba haka ba ƙara ce za ta cika muku kunne. Wannan duk cikin mako biyu na daidaita shi.

Inda aka samu matsala shi ne ban faɗi abin da 30,000 ɗin nan ta saya ba. Ban ce awa ɗaya ba ce, ban ce yaro ɗaya ba ne, ban ce lissafi kaɗai ba. Darasin da na ɗauka na awa guda ne ya zama awa ɗaya da rabi, domin yaron ba ya shigowa sai ƙarfe biyar da kwata, ni kuma ba na iya rufewa a kan lokaci. A wata na biyu sai ga ƙanwarsa 'yar aji biyu ta leƙo da littafinta: «Malam, Mama ta ce ka duba mini wannan.» Daga dubawa ta zama ɗaliba. Ranar da suka tafi biki Kano, sai bayan na tayar da janareta na zauna na yi minti ashirin ina kallon fuskata a allo saƙo ya shigo cewa yau ba za su samu dama ba, a rama ranar Asabar. Na rama kuwa. Kuɗin kuma sai ƙarshen wata, wani lokaci sai goma ga wata na gaba, ni ko tuni ba na iya yi.

Ba na cewa Hajiya ta cuce ni. Abin da na buɗe mata ta shiga. Hasali ma ita ta samo mini sauran ɗalibaina, kuma a nan ne abin ya fi ciwo. Da sakamakon yaron ya gyaru a zango na biyu, sai ta sa lambata a zauren WhatsApp na iyayen makarantarsu, ta yabe ni sosai, ta kuma rubuta a ƙasa cewa dubu talatin kacal nake karɓa. Gida uku suka kira ni a mako guda, kowa da farashinsa a baki tun kafin mu gama gaisawa. Wanda ya kawo maka ɗalibi ba sunanka kaɗai yake kaiwa ba, har da kuɗin da ka karɓa a wurinsa, kuma wannan adadi ya fi sunan saurin tafiya. Na karɓe su duka, ina ta murna wai kasuwa ta buɗe.

Ana cikin haka aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwana biyu, a watan Yuli ta kai 617. Batirin kwamfutata ya riga ya mutu, ba ya riƙe caji fiye da rabin awa, ga shi yawanci da yamma ake ɗauke mana wuta. Kusan kowane darasi sai ƙaramin janareta ya yi kuka.

Maiɗakina ce ta tona asirin. Tana yin zoɓo da kunun aya na sayarwa, kuma ko leda ba ta bari ta wuce ba ta sa a lissafi ba. Wani dare na tambaye ta rancen kuɗin mai, sai ta ce: «Baban Ummi, gida huɗu kake koyarwa amma kana rance wurin mai zoɓo? Kawo biro.»

Muka ɗauki gidan Hajiya kaɗai, watan Yuli. Zama 13, kowanne awa ɗaya da rabi, awa 19 da rabi ke nan. Shirya darasi da duba aikin da yara biyu ke turo mini a hoto, kusan awa guda a kan kowane zama, ƙarin awa 13. Jimla awa 32 da rabi. Data, da na duba a wayata, kowane zama yana cin kusan giga ɗaya tunda na'ura biyu nake haɗawa, a watan na kashe wa gidan kamar 5,000. Zama tara cikin sha ukun babu wuta, kowanne kusan lita guda, wajen 5,600, ga baƙin mai na 900. Aka cire 11,500 daga 30,000, saura 18,500. Ta raba da awannin, ta juyo mini da takardar: naira 570 a awa. Wato awata guda, da digirina da shekaruna tara a aji, ba ta sayen litar man da nake ƙonawa in koyar. Ba ta ce komai ba, ta dai ce ko mai ƙosai tana lissafa kuɗin itace.

A daren muka fitar da sabon tsari, kuma daga ƙasa muka fara, ba daga abin da wasu ke karɓa ba. Na ce ina son awata ta zama 2,000. Darasin awa ɗaya yana cin awa ɗaya da minti 45 idan an haɗa shiri da duba aiki, 3,500 ke nan. Data da mai kusan 1,000. Muka ƙara 500 saboda watannin da babu aiki, domin daga Janairu zuwa Mayu ne iyaye ke neman malami ido rufe saboda JAMB da WAEC, da an ajiye biro kuma sai wayarka ta yi tsit. Zama ɗaya ya tsaya 5,000. Na daina maganar wata gaba ɗaya, na koma sayar da zama takwas a 40,000, a biya kafin a fara. Idan sun ƙare, sai a sake biya.

Sauran ƙa'idojin duk daga abin da ya ƙona ni suka fito. Awa ɗaya tana farawa ne daga lokacin da muka sa, ba daga lokacin da yaro ya shigo ba. Wanda zai fasa ya gaya mini kafin ƙarfe goma sha biyun rana, in ba haka ba zaman ya shiga lissafi. Idan daga wurina ne, ko sabis ya yanke ko ruwan Agusta ya sauka a kan kwanon ɗakina har ba a jin magana, ni ke da bashi, zan rama kyauta. Ƙani ko ƙanwa da ke wani aji daban, zamansa daban. Na rubuta su a saƙo ɗaya gajere, ba na fara darasi sai uwa ko uba ya amsa da cewa ya gani.

Rubutawa ba wuya, kiran Hajiya ne aiki. Kwana uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Da na yi bayani ta yi shiru, sannan ta ce: «Haba Malam, ai kai ka ce in ba da abin da ya sauwaƙa. Da ka faɗi kuɗinka tun farko ai da na biya.» Wannan magana ta fi komai tsaya mini a wuya, domin gaskiya ce. Na ce: «Haka ne, ranki ya daɗe, laifina ne.» Ta yarda da sabon farashin ga babban yaron, zama biyu a mako, ta cire ƙaramar. A sauran gida ukun, ɗaya ya tsaya, biyu suka tafi, ɗayansu ma da 'yar baƙar magana wai malaman yanzu sun zama 'yan kasuwa. Ban ga laifinsu sosai ba. A idonsu kuɗin zama ne ya ninka dare ɗaya, alhali da 5,000 suka fara ji da babu wanda zai ce an yi masa ƙari.

Akwai abin da ya dame ni bayan haka. Iyayen da ke kusa da ni a Jos, irin malamai 'yan uwana da ƙananan ma'aikata, ba za su iya 5,000 a zama ba, kuma ba na son in zama malamin 'ya'yan masu hali kaɗai. Sai na buɗe ajin haɗaka ranar Asabar da Lahadi, yara huɗu 'yan aji ɗaya, kowa 1,500. Ina samun 6,000 a awa guda, data da mai kuma na zama ɗaya ne. Huɗu ne iyakata, domin na gwada shida na ga biyu sun kashe kyamara sun ɓace. A lura kuma, Google Meet na kyauta yana yankewa a minti 60 idan kun kai uku, don haka a minti 55 nake rufewa. Ragin da zan yi wa marar ƙarfi ta nan yake bi, ba na sake taɓa farashin zaman mutum ɗaya, saboda na ga yadda yake yawo.

Na sayi sabon batiri da fawa banki da kuɗin zama takwas na farko, janareta ya huta. Farashin kuma kowane zango nake sake duba shi, na ƙara a farkon 2025 lokacin da aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, kuma na ba iyaye sanarwar wata guda. Sabon mai nema ina ba shi gwajin rabin awa kyauta, amma kafin gwajin nake tura masa farashi a rubuce, don kada mu saba da yaron kunya ta sake kama ni.

Tsohon saƙon Hajiya dai yana nan yana yawo. Makon jiya wata mata ta kira ni daga Kubwa, ko sanin Hajiyar ba ta yi ba, wata ce ta tura wa wata. Bayan gaisuwa ta ce: «Malam, an ce dubu talatin kake karɓa a wata, yarana uku ne.»