Asara tara a jere: laifin tsarin ne ko laifin hannuna?

Ƙannena masu cinikin canjin kuɗi ta waya, akwai wani wata da na yi asara sau tara a jere, kuma abin da na fara yi shi ne kuskuren da nake so ku guje wa. Na yanke wa tsarin da nake ciniki da shi hukunci a daren da na yi asara ta tara, zuciyata na tafasa, na ce ya daina aiki. Washegari na fara neman wani, har na biya kuɗi aka sa ni cikin masu karɓar sigina, wato saƙon da ke gaya wa mutum lokacin saye ko sayarwa. Sai bayan sati biyu na zauna da biro da littafi na duba abin da ya faru, kuma abin da na gani ya sha bamban da abin da na gaya wa kaina.

Ga yadda tsarin yake, don ku gane lissafin. Jarina dala 1,000 ne, kuma EUR/USD, wato yuro da dalar Amurka, kaɗai nake taɓawa. Ina shiga ne a awa huɗun farko bayan buɗewar kasuwar Landan, wato daga takwas na safe agogon Najeriya da Nijar idan Birtaniya na kan agogon bazararta, ko daga tara idan ta mayar da agogo baya a ƙarshen Oktoba. Iyakar asara, wadda manhajar ciniki ta MetaTrader ke rubutawa S/L, ina sa ta ɗigo 20 daga inda na shiga, iyakar riba kuma, T/P, ɗigo 40. Ɗigo shi ne abin da allo ke kira pip, ɗan ƙaramin ma'aunin motsin farashi. Girman ciniki kuma shi ake kira lot. Da lot 0.05 kowane ɗigo santi 50 ne, saboda haka kowace shiga dala 10 nake sa wa a haɗari don neman dala 20. Wannan dala 10 ita zan riƙa kira mudu ɗaya. Ku ma ku koyi auna ciniki da mudu maimakon kuɗi, domin kuɗi na tayar da hankali, kuma yana ɓoye lokacin da mutum ya ƙara girman lot.

Kafin in sa kuɗi na gwada tsarin a kan tsohon farashi sau 100, ya ci 40 ya faɗi 60. Cin 40 mudu 80 ne, a cire 60, saura 20. Abin da ban lissafa ba a lokacin shi ne yadda waɗannan sittin ɗin ke zuwa. Ba sa zuwa a warwatse yadda rai ke so. Idan damar faɗuwa a kowace shiga shida ce cikin goma, to a cikin shiga ɗari, damar a yi asara bakwai a jere aƙalla sau ɗaya ta kai kusan biyu cikin uku, ta takwas a jere kuma ta kusa rabi. Wato tsari mai cikakkiyar lafiya, a hannun mutumin da bai saɓa ƙa'ida ko ɗaya ba, zai iya nuna masa irin watan da na gani. Don haka tsawon jerin asara shi kaɗai ba ya nuna komai. Da na san wannan tun farko, da ban firgita a ta biyar ba, kuma firgitar ce ta jawo sauran ɓarnar.

Da na zo bita, ban tsaya kan taran nan kawai ba, domin wanda ya zaɓi mummunan yanki ya auna, mummunan sakamako zai samu. Na buɗe History, wato tarihin cinikina a manhajar, na ɗauko shiga talatin na ƙarshe, waɗanda suka sauko da jarin daga 1,000 zuwa 860, asarar mudu 14. A gaban kowace na rubuta lokacin shiga, girman lot, inda na fara sa S/L da inda ciniki ya rufe, sannan na amsa tambaya ɗaya da e ko a'a: na bi ƙa'idata daga shiga har fita? A nan akwai tarko. Dole ka rufe sakamakon da hannu kafin ka amsa, saboda zuciya na yafe wa shigar da ta kawo riba ko da ta haramtacciyar hanya aka yi ta. Shigar da ta saɓa ƙa'ida ta ci, tana cikin rukunin saɓo. Wadda ta bi ƙa'ida ta faɗi, tsarkakakkiya ce.

Goma sha tara suka fito da tsabta. Bakwai sun ci, sha biyu sun faɗi, wato 14 a cire 12, ribar mudu biyu.

Sauran sha ɗayan su ne suka sa na ajiye biro na daɗe shiru. A guda huɗu, shigar daidai take, amma da farashi ya matso kusa da S/L sai na ja shi baya, ina cewa bari in ba shi wuri ya numfasa. Maimakon mudu huɗu, sun ci mini goma. Biyar kuma ba su da wata alaƙa da tsarina. Duk da yamma na yi su, bayan asarar safe, da lot 0.10, ninki biyu, don in rama. Ɗaya daga ciki ma ranar Juma'a ce da Amurka ke fitar da rahoton ayyukan yi na wata, wanda ke fitowa ɗaya da rabi na rana agogonmu a lokacin bazararsu, lokacin da farashi ke tsalle kuma ratar saye da sayarwa ke buɗewa. Huɗu sun faɗi da mudu biyu-biyu, ɗaya ta kawo mudu ɗaya. Sai biyu na ƙarshe, waɗanda na rufe da wuri saboda tsoro, na karɓi rabin mudu a kowace, alhali da na koma kan taswirar farashi na ga dukansu sun je sun taɓa T/P. Idan aka haɗa, sha ɗayan nan sun ci mini mudu 16.

Daga nan sai na sake lissafin kamar wani ne ya riƙe wayar, wanda ba ya jin tsoro kuma ba ya fushi. Biyar ɗin ramuwa ba zai shiga ba. Huɗun da na ja wa iyaka za su tsaya a mudu huɗu, biyun da na yanke za su kawo huɗu. Shiga 25 ke nan, tara ci, sha shida faɗuwa, ribar mudu biyu. Tsakanin ribar biyu da asarar sha huɗu akwai mudu 16, kuma babu ko ɗaya a ciki da kasuwa ta ɗauka da ƙarfi. A cikin taran da suka zo a jere ma, huɗu ne kawai na tsarin. Na kuma lura da wani abu da ya fi alƙaluman amfani: duk saɓon da na yi, in ban da ɗaya, ya zo ne bayan asara biyu a jere. Wannan ya nuna mini inda zan sa shinge. Tun daga nan, in na faɗi sau biyu a jere nakan rufe manhajar sai gobe, kuma S/L ba ya matsawa sai dai zuwa wajen rage haɗari.

Sai dai kada ku ɗauka bitar ta wanke tsarin. Wannan shi ne kuskure na biyu da na kusa yi, domin akwai daɗi mutum ya ce tsarina lafiya lau, ni ne kawai zan gyara hali. Ribar mudu biyu a shiga 25 ba hujja ba ce. Da guda ɗaya cikin waɗanda suka ci ta faɗi, mudu uku za su tafi, a koma asarar ɗaya. Tsarin da ke neman biyu a kan ɗaya yana buƙatar cin ɗaya cikin uku kafin ya fitar da uwar kuɗi, ni kuwa tara cikin 25 na samu, kashi 36 cikin ɗari, wanda yake tsakanin wannan layi da arba'in ɗin gwaji. Iyakar abin da zan iya cewa shi ne hannuna ya gaza tabbas, shi kuma tsarin ba a gama shari'arsa ba. Abin da ya dace shi ne a koma lot 0.01, a tara shiga hamsin masu tsabta, sannan a sake zama.

Daga baya na ga ɗaya fuskar, kuma kamanninta daban ne. A shiga arba'in da na bi ƙa'ida sosai, sha ɗaya suka ci, 29 suka faɗi, asarar mudu bakwai. Gwaji ya ce in sa ran cin wajen 16. Sha ɗaya ya yi ƙasa, amma rashin sa'a kaɗai na iya kawo shi jefi-jefi, don haka na duba yanayin faɗuwar. A littafina ina rubuta iyakar nisan da farashi ya yi ta wajena kafin ya juya. Da yawa daga cikin 29 ɗin sun tafi ɗigo 20 zuwa 25 sannan suka dawo suka buge S/L. Na ɗora ma'aunin ATR, mai auna matsakaicin nisan motsin farashi, a taswirar kwana-kwana, sai na ga tafiyar da farashi ke yi a yini ta ragu sosai idan aka kwatanta da watannin da na yi gwaji a kansu. Kasuwar ta kwanta tana kai da komo, ni kuma ina jiran ɗigo 40 a safiya ɗaya. Ga alƙaluma sun yi ƙasa, ga dalili da ake gani da ido, ga hannu mai tsabta. A nan ne na yarda tsarin bai dace da wannan yanayi ba, na dakatar da shi, ban kuma yi masa kwaskwarima da kuɗi a ciki ba. Duk canjin da za a yi, kamar rage T/P zuwa 30, sabon tsari ne da ke buƙatar nasa gwajin, domin layin fitar da uwar kuɗi zai tashi daga ɗaya cikin uku zuwa biyu cikin biyar.

Akwai waɗanda wannan bita ba za ta yi musu aiki ba, kuma na taɓa zama cikinsu. In ƙa'idarka ba a rubuce take ba, in amsarka ita ce kana shiga idan ka ga kasuwa ta yi kyau, to babu abin da za a auna saɓo da shi, kuma kowace shiga za ka samo mata uzuri bayan ta wuce. Haka nan wanda ke bin siginar wani ba shi da gwajin da zai kwatanta da shi, bai san ko asara bakwai al'ada ce ko alamar mutuwa ba. Kuma ku riƙe cewa samun tsari mai cin riba da gaske abu ne mai wuya: a 2018 hukumar kula da kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai, ESMA, ta bayyana cewa kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na asusun ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi. Shi ya sa nake roƙonku kada ku sa kuɗin makaranta, ko na adashi, ko bashi.

Kafin shigarku ta gaba, ku rubuta ƙa'idar a takarda ɗaya: me ake ciniki, ƙarfe nawa, wace alama, ina S/L, nawa ne mudu. A ƙasanta ku rubuta mafi tsawon jerin asara da mafi zurfin faɗuwar da gwajinku ya nuna, da adadin mudun da in kuka rasa da hannu mai tsabta za ku dakata. Nawa gwajin ya nuna faɗuwar mudu tara a mafi muni, don haka na sa layin dakatawa a sha huɗu, kuma na rubuta shi ne ranar Asabar, kasuwa a rufe, ba ni da ko sisi a ciki.