Inda aka kwana kan injin zane: fanbel ya sauka, bel mai haƙora ya hau

'Yan'uwa masu koyo, a wannan makon na gama da layin X, wato ɓangaren da ke kai alƙalami hagu da dama, na ɗan injin zanen da nake haɗawa. Na fara gwadawa da fanbel, wato bel mai siffar V irin na injin markaɗe, don shi ne a hannu. Na umarci alƙalami ya tafi milimita 300 ya dawo, amma bai taɓa sauka a ɗigon da ya bari ba.

Dalili kuwa, fanbel da gefensa yake kama fuli, gogayya ce kawai ke riƙe da shi. Ko an ɗaure shi da kyau yana ɗan silalewa, kusan kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wato milimita 3 ko fiye a tafiyar 300. Idan ya ci kuma sai ya ƙara nutsewa cikin kwarin fuli, lissafi ya sake canzawa. A injin markaɗe wannan silalewa alheri ce, tana ceton mota idan dutse ya shiga. A nan kuwa mota ƙirga taku take yi, ba ta san bel ya zame ba.

Yanzu na sa bel mai haƙora da ake kira GT2, mai faɗin milimita 6. Tsakanin haƙori da haƙori milimita 2 ne, fuli na da haƙora 20, don haka zagaye ɗaya milimita 40 ne cif. Motar lantarkin da ke juya fulin, NEMA 17, na yin taku 200 a zagaye, na raba kowane taku gida 16, ya zama 3200. Raba da 40, ka sami taku 80 a kowace milimita, abin da za ka ba GRBL, manhajar da ke sarrafa injin, ke nan:

```
$100=80
```

Ku kula wajen saye, akwai wani bel, MXL, da ke kama da GT2 a ido, amma tazararsa milimita 2.032 ce. Idan shi ke kan injinka da lissafin 80, layin milimita 100 zai fito 101.6. Haƙoransa ma suna barin ɗan wasa a kwarin fuli lokacin juyawa baya, shi ya sa ni dai GT2 mai zagayayyen haƙori na zaɓa.

Sai ɗauri. Bel mai haƙora ba ya buƙatar matsi irin na fanbel, tunda haƙora ne ke ja. In ya yi sako-sako, da'ira za ta fito a ɗan bauɗe, wani lokaci ka ji "ƙas", haƙori ya tsallake, zane ya goce milimita 2 daidai. In ya matsu da yawa kuma, boris ɗin mota ne zai sha wahala. Ni nakan bar tazarar milimita 150 tsakanin wurare biyu da ke riƙe bel, in taɓa bel da yatsa, in auna sautin da waya. Kusan Hz 110 ya ishi wannan bel ɗin.

Kafin ku zargi ɗauri, ku duba ƙaramin sukurun fuli ko ya zauna a shafaffen gefen sandar mota, kuma aƙalla haƙora 6 su kasance cikin fuli. Saura layin Y.