Fassara sibi zuwa Rashanci: suna, shekaru da hoto

Wanda ya fassara takardun neman aiki zuwa Rashanci na ɗan lokaci zai gane cewa jerin ayyukan da mutum ya yi ba shi ne wuri mai wuya ba. Wahalar tana layuka huɗu ko biyar na sama, inda suna yake, da ranar haihuwa, da hoto. A nan ne al'adar ofisoshin Rasha ta sha bamban da abin da aka saba a Ingila ko Amurka, kuma a nan ne kuskuren da ba a ɗauka bakin komai ba yake bin mutum har cikin takardar yarjejeniyar aiki da asusun banki.

Takardar da muke kira sibi, Rashawa suna ce mata резюме, kuma abin da ke buɗe ta shi ne haruffa uku da za ka gani a kusan kowane fom na ƙasar: ФИО. Ma'anarsu sunan dangi, sannan sunan yanka, sannan отчество, wato sunan da ake ƙerawa daga sunan uba. Idan sunan uban Пётр ne, ɗansa zai zama Петрович, 'yarsa kuma Петровна. A rubuce sunan dangi ne ke zuwa farko. A baki kuwa, girmamawa ita ce a haɗa sunan yanka da na uba, a ce Иван Петрович, kamar yadda mu ba ma kiran babba da sunansa tsirara sai mun sa Malam ko Hajiya.

Ga inda Bahaushe ke shiga ruɗani. Mu ma muna ɗaukar sunan uba, amma a fasfo sunan nan na uba ko na kaka yakan zauna ne a gurbin sunan dangi. Mu ɗauki misalin injiniya wanda fasfonsa ya nuna IBRAHIM a gurbin sunan dangi, sannan SANI GARBA a gurbin sunayensa. Mai fassarar da bai ƙware ba zai ga suna uku da gurbi uku, sai ya raba ɗaya-ɗaya, Garba ya faɗa gurbin отчество. Wani ma yakan wuce nan, ya ƙera masa Ибрагимович tunda ya ji cewa Ibrahim mahaifinsa ne. Sunan zai yi daɗin ji, domin Musulmin Rasha, irin su Tatar da mutanen Dagestan, suna ɗauke da shi da yawa. Amma duka biyun kuskure ne, saboda babu takardar hukuma ko ɗaya da ta ba mutumin nan wannan suna. Abin da ya dace shi ne Ибрахим a sunan dangi, Сани Гарба gaba ɗaya a gurbin suna, gurbi na uku kuma a bar shi fayau. Fom da yawa suna rubuta при наличии kusa da gurbin, wato idan akwai, wasu kuma suna da ɗan akwatin da ake dannawa mai cewa Нет отчества. Ba abin kunya ba ne baƙo ya zo ba shi da shi, ma'aikatan ɗaukar aiki sun saba gani.

Sai kuma yadda za a rubuta sunan da haruffan Rasha, kuma a nan nake ganin ya kamata mai fassara ya ajiye ra'ayinsa gefe. Ibrahim na iya fitowa Ибрагим, wanda shi ne yadda Rashawa suka saba rubuta shi, yana kuma iya fitowa Ибрахим idan an bi haruffan fasfo ɗaya bayan ɗaya. Muhammad na iya zama Мухаммад ko Мухаммед. Ba wanda ya fi wani daidai a ilmance, amma ga hukuma mutum biyu ne daban. Don haka kafin a rubuta harafi ɗaya, a nemi mai takardar ya turo hoton bizarsa ta Rasha idan yana da ita, domin akwai sunansa da haruffan Rasha a jiki, da kuma fassarar fasfonsa wadda нотариус, jami'in tabbatar da takardu, ya buga wa hatimi. Abin da ke cikin waɗannan shi za a kwafa, ko da bai yi wa kunne daɗi ba. Idan ya yi karatu a Rasha, a duba takardar shaidar kammala karatun ita ma. Idan takardun da kansu sun saɓa wa juna, a gaya masa tun yanzu, don gyaran ba na mai fassarar sibi ba ne.

Dalilin wannan taka-tsantsan a bayyane yake ga duk wanda ya san yadda ofishin ma'aikata ke aiki. Sau da yawa daga sibi ake kwafe suna zuwa wasiƙar tayin aiki, daga nan zuwa daftarin yarjejeniya. Doka ta wajabta wa mai ɗaukar baƙo aiki ya sanar da ma'aikatar harkokin cikin gida cikin kwana uku na aiki bayan sa hannu. Idan yarjejeniya ta ce Ибрагим, fassarar fasfo ta ce Ибрахим, to sai an sake buga takardu, banki kuma na iya tsayar da buɗe asusun albashi har sai an daidaita. Harafi ɗaya ne, amma yana iya cin makonni. Ga wanda bai taɓa samun biza ba tukuna, a bi haruffan fasfo, a kuma sa sunan da haruffan boko a layi na biyu kamar yadda yake a fasfon, don mai karantawa ya sami abin gwadawa.

Wani abu da ake mantawa: sunan namiji mai ƙarewa da wasalin a, irin su Garba ko Bala, yakan yi wa idon Barashe kama da na mace, domin yawancin sunayen matansu haka suke ƙarewa. Shi ya sa layin jinsi yake da amfani, Пол: мужской ga namiji, женский ga mace. Kuma kada a ƙara wa sunan dangin mace wasali don ya yi kama da Иванова. Sunan baƙuwa yana zama yadda yake.

Batun shekaru ya fi na suna sauƙi, sai dai yana ba wanda ya saba da tsarin Ingila mamaki, inda ake ba da shawarar a cire ranar haihuwa gaba ɗaya. A Rasha al'ada ita ce a saka. Shafin neman aiki mafi girma a ƙasar, hh.ru, yana nuna jinsi da shekaru da ranar haihuwa a ƙarƙashin suna. Ba wai doka ta halasta wariya ba ne. Sashe na 3 na dokar ƙwadago ya haramta nuna bambanci saboda shekaru ko jinsi, kuma tun 2013 an hana sa irin waɗannan sharuɗɗa a tallar gurbin aiki. Babu kuma dokar da ta tilasta wa mai neman aiki ya bayyana shekarunsa. Amma a aikace, takardar da ta zo babu ranar haihuwa takan sa mai dubawa ya yi zaton ana ɓoye wani abu, sai ya koma yana lissafi daga shekarar gama jami'a. Shawarata ita ce a saka, sai fa idan kamfanin na ƙasar waje ne mai bin nasa tsarin, ko kuma mai takardar ya ƙi da kansa bayan an yi masa bayani. Zaɓin nasa ne, mai fassara ba ya ƙara wa mutum bayanin da bai yarda a fitar ba.

Ana rubuta kwanan wata da rana a gaba, sai wata, sai shekara, da ɗigo a tsakani: 05.03.1993. Idan asalin takardar an gina ta a kan samfurin Amurka, inda wata ke zuwa farko, 03/05 na iya juyewa ya zama uku ga Mayu, don haka a tabbatar daga fasfo. Idan ranar da ke fasfo ta bambanta da ta takardun makaranta, abin da ba baƙo ba ne a wajenmu, ta fasfo ce za a bi. Idan za a ƙara adadin shekaru da lamba, kalmar da ke biye tana canzawa: 31 год, 32 года, 35 лет. Lambar da ta ƙare da 1 tana ɗaukar год, mai ƙarewa da 2 zuwa 4 tana ɗaukar года, sauran duka лет, in ban da 11 zuwa 14 da su ma лет suke ɗauka. Wanda ya rubuta 32 лет ya tona wa kansa asiri tun a layi na biyu cewa ba wanda ya iya harshen ya duba takardar. Ya fi sauƙi a tsaya ga ranar haihuwa kawai, tunda ita ba ta tsufa a cikin fayil. Ga yadda kan takardar injiniyan namu zai fito:

```
Ибрахим Сани Гарба
IBRAHIM SANI GARBA
Пол: мужской
Дата рождения: 05.03.1993
Гражданство: Нигерия
```

Lambar fasfo da cikakken adireshin gida ba su da wuri a nan. Sunan gari ya isa, sauran sai an zo sa hannu.

Hoto shi ma al'ada ce, ba wajibi ba. A ayyukan da ake hulɗa da jama'a, kamar ciniki, otal ko karɓar baƙi, rashinsa yana rage wa takarda ƙarfi. A aikin injiniya ko na manhaja ba a cika damuwa ba. Abin da ake so shi ne hoton kai da kafaɗa, fuska na kallon gaba, baya fili mai haske, tufafi irin na zuwa ofis, a sa shi ƙarami a kusurwar sama kusa da suna. Ba sai ya zama busasshen hoton fasfo ba, ɗan murmushi ba laifi. Abin da ke ɓata takarda shi ne hoton da aka yanko daga na biki, kafaɗar wani na leƙowa, ko wanda aka ɗauka da dare fuska ta nutse cikin duhu. Mai duhun fata ya tsaya yana fuskantar taga da rana, kada tagar ta kasance a bayansa, in ba haka ba kyamara za ta auna hasken bayan ta bar fuskar babu kamanni. Mace mai sa hijabi ta ɗauki hoton yadda za ta je ganawar, fuska a buɗe daga goshi zuwa haɓa. Baƙo yana da damar ya auna ko hoton zai taimake shi ko a'a, amma sunansa da layin ƙasarsa sun riga sun faɗi daga ina ya fito, don haka cire hoto ba ya ɓoye komai sosai.

Sunan uba yana sake dawowa a wasiƙar da ke raka sibi, wannan karon na wanda ake rubuta wa. Idan tallar aikin ta ba da cikakken sunan jami'in, a buɗe da Уважаемый ga namiji ko Уважаемая ga mace, sannan sunan yanka da na uba, ba tare da sunan dangi ba. Ƙarshen sunan uban zai nuna jinsin: mai ƙarewa da -вич namiji ne, mai ƙarewa da -вна mace. Idan sunan yanka kaɗai aka bayar, kamar yadda kamfanonin fasaha da yawa suke yi yanzu, a yi amfani da shi haka, kada a yi hasashen sunan uban wani. Idan babu suna ko kaɗan, Здравствуйте ya wadatar. A aika takardar a tsarin PDF don kada haruffan Rasha su rikice a wata na'urar, a kuma sa wa fayil ɗin suna da kalmar Резюме da sunan dangi, da rubutu iri ɗaya da wanda ke cikin fassarar fasfo.